Shago Ɗaya, Baki Ɗaya: Takardar Da Ke Daidaita Rubutun Ma'aikata

A ɗauki misalin wani shagon atamfa da leshi da shadda a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, mai shafi a Instagram da Facebook, wanda mutum uku ke karɓa-karɓa wajen rubuta bayanin da ake sawa a ƙasan hoton kaya. Ranar Litinin ɗan mai shagon ya ɗora hoton sabuwar atamfa, ya rubuta: "Hajjaju ga zafi ya sauka, kar ki bari a ba ki labari, 25k kacal!" Ranar Talata babban yaron shago ya karɓi wayar, ya rubuta: "Assalamu alaikum. Muna sanar da abokan cinikinmu masu daraja cewa sababbin kaya sun iso. Sai mun gan ku." Ranar Laraba kuma ƙanwar mai shagon, wadda ke amsa saƙonni daga gida, ta sa nata a taƙaice: "Akwai atamfa, mai so ya turo saƙo."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma kowannensu zai iya kare abin da ya rubuta. Amma matar da ke Sakkwato ko Maraɗi, wadda ba ta taɓa taka ƙafa a shagon ba, kuma ake so ta tura kuɗi kafin ta ga kaya, ba ta san akwai mutum uku a bayan shafin ba. Abin da take gani shi ne shagon da yau yake wasa da ita, gobe yake yi mata magana irin ta takardar ofis, jibi kuma ya ɓoye farashin da ya faɗa shekaranjiya. A zamanin da 'yan damfara ke kwafar hotunan shaguna suna buɗe shafukan bogi da su, wannan sauye-sauyen baki kaɗai ya isa ya sa ta janye hannu. Ba za ta kira ta faɗi dalili ba, wucewa kawai za ta yi zuwa shafi na gaba.

Maganin wannan matsala ba sabo ba ne a duniyar kasuwanci. Kamfanoni kan rubuta takardar jagora da ke bayyana yadda kamfanin yake magana, domin duk wanda ya riƙe alƙalami ya rubuta da baki ɗaya. Wadda aka fi kafa hujja da ita ita ce ta Mailchimp, wani kamfanin Amurka da ke birnin Atlanta mai hidimar aika saƙonnin talla ta imel, wanda ya buɗe tasa takardar ga kowa ya karanta a 2015. Babban abin da takardar ta koyar shi ne bambanci tsakanin murya da lafazi. Muryar mutum ɗaya ce ko da yaushe, da ita ake gane shi, amma lafazinsa yana sauyawa gwargwadon wanda yake magana da shi da halin da ake ciki. Dattijon da ya je barkar haihuwa da safe, ya wuce gaisuwar mutuwa da yamma, ba a rasa gane shi a wuraren biyu, alhali ba abu ɗaya ya faɗa ba, ba kuma da fuska ɗaya ba. Abin da ake nema wa shago ke nan.

Sai dai takardar Mailchimp doguwa ce, an yi ta ne domin kamfani mai ɗimbin ma'aikata. Shago mai mutum uku ko biyar, ko gidan abinci, ko makarantar kuɗi, ko ƙaramar ƙungiya, ba su da buƙatar irinta, kuma in sun kwaikwayi tsawonta sun yi aikin banza. Yaron da ke tsaye a bakin shago, kwastoma na jiransa, hoton kaya na hannunsa, ba zai buɗe shafi ashirin ba. Shafi ɗaya zai karanta, wanda yake iya dubawa a waya cikin minti biyu. Don haka gwanintar duka tana cikin sanin abin da ya cancanci shiga wannan shafi guda.

Kuskuren da aka fi yi

Yawancin masu rubuta irin wannan takarda a karon farko sukan cika ta da kyawawan siffofi. Su ce muryarmu ta mutunci ce, ta fara'a, ta gaskiya, ta zamani. Matsalar ita ce duk mutum ukun nan na Kantin Kwari za su karanta wannan su gyaɗa kai, kowa ya ce ai abin da nake yi ke nan. Ɗan mai shago yana ganin "Hajjaju ga zafi" ita ce fara'a. Babban yaro yana ganin doguwar sanarwarsa ita ce mutunci. Siffa ba ta raba gardama, domin kowa da yadda yake fassara ta.

Abin da ke raba gardama shi ne hukunci tare da misali: muna rubuta kaza, ba ma rubuta kaza. Duk layin da ke cikin takardar ya kamata ya kasance ya yanke wata shawara da ma'aikaci zai fuskanta a lokacin da yatsansa ke kan allon waya. In layi bai yanke komai ba, a cire shi.

Kafin a rubuta ko harafi ɗaya, aikin farko shi ne tattaro tsofaffin rubuce-rubucen shafin, kamar ashirin ko talatin, a zauna da su tare da masu rubutun. Mai shago ya ware biyar da yake jin su ne ainihin shagonsa, da biyar da in ya gan su sai ya ji kamar na wani ne. Daga nan sai tambayar da ke da amfani: me ya haɗa biyar ɗin farko? A misalin nan, za a iya tarar da cewa dukkansu sun fara da sunan kaya, sun faɗi farashi a fili, ba su wuce jimla uku ba, kuma babu wanda ya matsa wa mai karatu lamba. To wannan ita ce muryar shagon. Tana nan tun da, ba ƙirƙiro ta za a yi ba, rubuta ta kawai za a yi. Wannan zama yana da wata fa'idar: ma'aikacin da aka ware rubutunsa cikin marasa dacewa yana ganin dalili da idonsa, ba a bayan idonsa aka yanke masa hukunci ba.

Idan aka rasa kalmomin da za a bayyana abin da aka gano, akwai ma'aunin da ke taimakawa. A 2016 cibiyar Nielsen Norman Group, masu binciken yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ta taƙaita lafazin rubutu zuwa sikeli huɗu: tsakanin raha da ɗaure fuska, tsakanin maganar hukuma da ta hira, tsakanin girmamawa da tsokana, sannan tsakanin ɗoki da faɗin abu yadda yake. Amfanin sikelin shi ne yana tilasta wa mai shago ya zaɓi gefe. Shagon atamfar nan zai iya cewa: mun fi kusa da hira fiye da maganar hukuma, muna can ƙarshe a gefen girmamawa, raharmu kaɗan ce, kuma muna faɗin kaya yadda suke ba tare da kururuwa ba. Shagon takalman samari a titin gidan Zu zai iya zaɓar raha da ɗoki, kuma bai yi laifi ba, muddin duk yaransa sun zaɓi abu guda.

Daga nan ake fitar da halaye uku, kada su wuce uku, kowanne da iyakarsa da misalinsa. Iyakar ce ta fi muhimmanci. "Muna da sakin fuska amma ba ma zolayar kwastoma" ya fi "muna da sakin fuska" amfani nesa ba kusa ba, domin ya faɗa wa ɗan mai shago daidai inda zai tsaya. A ƙarƙashinsa a sa jimla biyu. Wadda ake so: "Ga sabuwar kala ga masu shirin biki, Allah ya sa a kashe lafiya." Wadda ba a so: "Wadda ba ta saya ba an bar ta a baya." Haka za a yi wa hali na biyu, misali faɗin gaskiyar kaya ba tare da kushe na maƙwabta ba, da na uku, taƙaitawa ba tare da gatsali ba.

Ka, ki ko ku

Takardun da aka rubuta domin Turanci ba sa tsayawa kan wannan, domin harshen yana da kalma ɗaya ta kiran wanda ake magana da shi, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko taro. Mai rubutu da Hausa ba shi da wannan sauƙin. Duk jimlar da ta fuskanci mai karatu sai ta zaɓi ka, ko ki, ko ku, kuma a nan ne aka fi saurin gane cewa hannu ya sauya a shafi.

Shagon atamfa yana iya ɗauka cewa mata ne masu sayensa, ya riƙa cewa ki. Amma wa ke haɗa lefe? Wa ke sayen kayan Sallar iyali? Maigidan da ya buɗe shafi ya ga ana cewa "ki zo ki zaɓa" yana jin ba da shi ake ba, ga shi kuwa turmi goma ya zo nema. In aka ce ka, an bar matan a waje. Ku ta kwashe kowa, ta kuma ɗauko girmamawa, shi ya sa ita ce ta fi dacewa da irin wannan shago, ko da yake ba ta da ɗumin da ki ke da shi. Mai sayar da lalle da humra da turaren wuta, wadda ta san kusan duk masu bibiyarta mata ne, tana iya zaɓar ki ta ci ribar wannan kusancin. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar wa kowane ma'aikaci ya zaɓa da kansa kullum.

Haka batun wanda ke magana. Shago "mu" ne: mun kawo, muna aikawa, mun gode. Da zarar wani ya rubuta "na kawo muku," masu karatu za su ɗauka mai shagon ne da kansa, kuma duk alƙawarin da ke cikin rubutun ya hau kansa. Sannan akwai sunayen kira. A bainar jama'a ya fi kyau a guje musu baki ɗaya. A saƙon sirri, inda ake magana da mutum ɗaya, takardar ta faɗi abin da ake fara kiran baƙo da shi, misali Hajiya ko Malama ga mace, Alhaji ko Malam ga namiji, ta kuma hana irin su "'yar uwa rabin jiki" ga wadda ba a taɓa ciniki da ita ba. Yaro ɗan shekara ashirin da ke rubuta wa matar da za ta iya haifarsa bai kamata ya kira ta da abin da ba zai iya faɗa mata a fuska ba.

Harshen rubutun ma hukunci ne. Wasu shagunan Hausa zalla suke so, wasu Ingausa, wasu kuma suna sa Hausa a sama da layi ɗaya na Turanci a ƙasa saboda masu saye daga Abuja da Legas. Kowanne yana iya yin aiki. Takardar ta faɗi ɗaya, ta kuma lissafa 'yan kalmomin da ake yawan saɓawa a kansu: leshi ko les, turmi ko bandir, kwastoma ko abokin ciniki. Biyar ko shida sun isa.

Ƙananan abubuwan da ido ke kamawa

Mai karatu ba ya zama ya tantance lafazi, amma idonsa yana kama bambancin rubutu nan take. Na farko shi ne haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Mutum ɗaya ya rubuta "ƙarfi" wani ya rubuta "karfi," wani kuma "k'arfi," shafin ya zama kamar an yi masa faci. Yanzu allon rubutu na Gboard yana da tsarin Hausa mai waɗannan haruffa, don haka hukuncin mai sauƙi ne: kowa ya sa shi a wayarsa. Shagon da ke Nijeriya yana rubuta 'y kamar a 'yan kasuwa, wanda ke Nijar kuma yana da harafin ƴ a madadin 'y. Mai hulɗa da ɓangarorin biyu ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai.

Na biyu raba kalmomi da haɗe su. Daidaitacciyar Hausa tana rubuta "za mu" a rabe, "muna" a haɗe, "mun gode" da "na gode" a rabe. Ba a buƙatar darasin nahawu a takardar. A ɗauko kalmomi goman da shagon ya fi amfani da su a rubuta su daidai, ma'aikaci ya riƙa dubawa.

Na uku, wanda ya fi kawo rigima, shi ne farashi. A zaɓi siffa ɗaya, misali ₦25,000, a bar 25k da "dubu 25" da N25000. A kuma riƙa faɗin ma'auni tare da kuɗin, domin turmin atamfa yadi shida ne, leshi kuwa galibi yadi biyar ake yankawa, shadda kuma ana sayar da ita yadi-yadi. Rubutun da ya ce "shadda ₦9,000" bai faɗi ko na yadi ɗaya ba ne, kuma daga nan ake samun wanda ya turo kuɗin yadi ɗaya yana jiran ɗinkin babbar riga. A fayyace ko farashin na ɗai-ɗai ne ko na sari, da kuma wanda zai biya kuɗin mota in za a aika ta tasha.

Tsarin jimlolin ma yana da dalili na zahiri. Instagram yana yarda da rubutu har haruffa 2,200, amma kusan 125 na farko ne kawai ke fitowa kafin ya yanke, sai mai karatu ya taɓa ya ga sauran, kuma mutane da yawa ba sa taɓawa. Cikakkiyar sallama, daga "Assalamu" zuwa "wabarakatuhu," ta haura kashi ɗaya cikin uku na wannan fili. Wannan ba dalili ne na raina sallama ba. Muhallinta na asali shi ne inda ake fuskantar mutum, don haka shago zai iya ajiye ta a farkon kowane saƙo na sirri, ya bar layin farko na ƙasan hoto ga sunan kaya da farashi. Wanda ya ga ba zai iya buɗe magana ba tare da ita ba ya ɗauki gajeriyar, amma kowa ya rubuta ta iri ɗaya. Haka "in sha Allah": siffa ɗaya, kuma in an yi alƙawarin aika kaya a haɗa ta da rana, a ce "gobe Alhamis in sha Allah," don mai jira ya san abin da yake jira.

Da waɗannan hukunce-hukunce, rubuce-rubuce ukun farko za su iya komawa abu guda kamar haka: "Sabuwar atamfa, turmi (yadi shida) ₦25,000. Akwai shuɗiya da ruwan goro da kore. Muna aikawa ko'ina, kuɗin mota na mai saye ne. Ku turo hoton wadda kuke so ta lambar da ke saman shafi." Duk wanda ya rubuta wannan cikin ukun, ba za a gane ba. Ɗan mai shago yana da damar ƙara layi ɗaya na fara'a a ƙarshe, irin "masu anko, wannan ta ku ce," domin bai ƙetare iyaka ba.

Abin da ba a faɗa, da ranar da ba a talla

Akwai sashen da masu shago kan manta, alhali shi ne ke kare su daga asara: jerin maganganun da ma'aikaci ba shi da izinin rubutawa sai an tabbatar masa. "Ba ta zuba," "ba ta koɗewa," "'yar asali ce," "babu mai arahar mu a Kano," "saura biyu kacal." Kowace a cikinsu alƙawari ce. Yaron da ya rubuta "ba ta zuba" don jimlarsa ta yi armashi ya ɗora wa shagon bashin da za a zo karɓa ranar da aka yi wankin farko. A Nijeriya dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana yi wa mai saye bayanin ƙarya ko na yaudara game da kaya, amma tun kafin a kai ga hukuma, hoton tsummar da ta zuba tare da hoton rubutun shagon a gefensa ya isa ya zagaya wayoyin mata cikin yini guda. Ƙa'idar a taƙaice take: abin da mai shago bai gwada ba ko bai gani a takardar kaya ba, ba ya shiga rubutu.

Sai batun lafazi, inda murya ke nan yadda take amma yanayi ya sauya. Yanayi huɗu sun isa ƙaramin shago: tallan yau da kullum, gaisuwar Sallah da azumi, amsa ƙorafi, da ranar alhini. Na ƙarshen ya fi buƙatar a rubuta shi tun kafin ya zo. Manhajar Meta Business Suite tana ba da damar shirya rubutu tun da wuri ya fita da kansa a ranar da aka tsayar, kuma mutane da yawa suna jera na mako guda su manta. A 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta lalata dukiya mai yawa. Shagon da a irin wannan safiya tallansa na "ga zafi ya sauka" ya fito da kansa, maƙwabtansa na kwashe jiƙaƙƙun kaya, ya yi abin da zai daɗe ana tuna masa, ko da ba da gangan ba ne. Takardar ta ambaci mutum ɗaya da sunansa wanda alhakin dakatar da jerarrun tallace-tallace ke wuyansa idan aka yi gobara ko rashi ko wata musiba da ta shafi gari.

Ƙorafi kuwa yana son jimla shiryayya, domin a lokacin fushi ne kowa ke komawa bakinsa na gida. Wata ta rubuta a ƙasan hoto cewa kalar da aka aiko mata ba ita ta zaɓa ba. Ɗaya zai kare kansa, ɗaya zai goge maganar, ɗaya zai yi shiru. Takardar ta ba su amsa ɗaya: "Ku yi haƙuri da abin da ya faru. Ku turo mana hoton kayan da ranar da aka aiko ta saƙo, za mu duba yau." Ta kuma hana abu uku, wato musu a bainar jama'a, goge ƙorafin da babu zagi a ciki, da yin alƙawarin mayar da kuɗi ba da sanin mai shago ba. A WhatsApp Business ana iya ajiye irin waɗannan amsoshi a sashen amsar gaggawa, in aka danna alamar / su bayyana a zaɓa, don kada a dogara da haddar kowa.

Yadda ake sanin ta yi aiki

Gwajin ba shi da wahala. A ɗauki hoton kaya guda, a ba kowane ma'aikaci takardar, kowa ya rubuta nasa bayanin ba tare da ganin na ɗan'uwansa ba. A cire sunaye, a miƙa wa mai shago ko wani tsohon kwastoma ya faɗi wanda ya rubuta kowanne. In ya cance su duka ba tare da jinkiri ba, takardar ba ta gama aikinta ba, kuma wurin da ya gane su shi ne gibin. Wataƙila ɗaya ya jera imoji bakwai wani bai sa ko ɗaya ba, sai a ƙara layi: imoji kada ya wuce biyu, kuma a ƙarshen rubutu. Wataƙila ɗaya yana rubuta komai da manyan baƙaƙe. A toshe gibin a sake gwadawa da wani hoton.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen. In rubuce-rubucen uku suka fito kalma da kalma iri ɗaya, kuma mako bayan mako shafin yana buɗewa da jimla guda, to takardar ta yi tsauri, ta koma fom da ake cikewa. Masu bibiya sukan daina karanta abin da suka riga suka haddace. Alamarsa ita ce ma'aikata sun fara kwafar misalan cikin takardar suna sauya sunan kaya kawai. Gyaransa shi ne a ba da misali biyu ko uku mabambanta ga kowane hali, a kuma bar layi ɗaya a kowane rubutu wanda marubuci zai faɗi wani abu na gaskiya game da wannan kayan kaɗai: laushinsa, nauyinsa, irin ɗinkin da ya dace da shi. Babban yaron shago, wanda hannunsa ya san yadi, a nan ne iliminsa zai fito, kuma asara ce a rufe masa baki da ƙa'ida.

Takardar tana da iyakarta. Ba za ta gyara hoton da bai nuna ainihin kala ba, ba za ta sa kayan da suka ƙare su dawo ba, kuma ba za ta koya wa wanda bai san shadda ba bambancin mai tsada da mai araha. Ba za ta kuma rayu ba in babu mai ita. Mutum ɗaya ya riƙe ta, ya maƙala ta a saman zauren WhatsApp na ma'aikata, da kwanan watan gyara na ƙarshe a kanta, don kada wani ya riƙa aiki da tsohuwa. Sabon ma'aikaci ya yi makonsa na farko yana rubutawa wannan mutumin na dubawa kafin a ɗora. Duk tambayar da ta taso sau biyu, kamar ko a faɗi farashin sari a fili ko a bar shi ga saƙo, ta cancanci layi a takardar, kuma duk lokacin da aka ƙara layi a nemi wanda ya daina amfani a cire, don ta tsaya a shafi ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa a zauna a sake duba ta shi ne kafin azumi, domin daga nan zuwa Sallah ne ciniki ke yawa, ake ɗaukar ƙarin hannu, kuma mutanen da ba su taɓa rubuta wa shagon komai ba suke karɓar wayar.